Tabula da takardar bayanin asusun banki: yadda kuɗin fita ya daina komawa ɓangaren shiga

Ni ke riƙe da lissafin ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi, kuma kowane wata banki na turo mana bayanin asusu a PDF. Aikina shi ne in mayar da shi Excel domin a san wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. Na jima ina amfani da wata manhaja kyauta mai suna Tabula a wannan aiki. Hukuncina a kanta shi ne tana da amfani ƙwarai, amma sai ga wanda ya fahimci dalilin da ke sa lambobi su kauce daga gurbinsu.

Jadawalin da ido ke gani a PDF, fayil ɗin bai san da zamansa ba. Abin da ya adana kawai shi ne haruffa da inda kowanne zai zauna a shafi, sai zanen layuka idan akwai. Babu abin da ke cewa wannan lamba ta gida na uku ce. Don haka duk manhajar da ke fitar da jadawali, hasashe take yi daga tazarar da ke tsakanin rubutu. Bayanin asusu kuwa shi ne ya fi wahalar hasashe, saboda kowane layi yana da gida guda da babu komai a ciki: in kuɗi ya fita, gidan shiga fanko ne, in ya shigo, gidan fita fanko ne.

Ga abin da na gani da wani shafin intanet mai juya PDF kyauta. Ragowar kuɗi ta kasance 412,500.00, sai aka cire 35,000.00 na hayar rumbu, ragowa ta koma 377,500.00. A fayil ɗin da shafin ya ba ni, 35,000.00 ɗin ya zauna a ɓangaren shiga. Babu lambar da ta ɓace, babu wadda ta lalace, ido ba zai ga wani aibu ba. Da aka tara jimilla sai lissafi ya haura da 70,000. Wannan alama ce da ya kamata mai lissafi ya riƙe: idan ratar da ta fito ta zama ninki biyu na wani adadi da ke cikin takardar, to adadin nan ne ya tsallaka ɓangaren da ba nasa ba, domin an ƙara shi a inda ya kamata a rage.

Abin da ya fara jawo ni ga Tabula shi ne a kan kwamfutarka take aiki. Tana buɗewa a burauza, a adireshin 127.0.0.1:8080, amma fayil ɗin ba ya fita ko'ina. Takardar da ke ɗauke da sunayen mutane da kuɗinsu amana ce, ba na son ɗora ta a shafin da ban san mai shi ba. 'Yan jarida ne suka ƙirƙiri Tabula domin ciro alƙaluma daga rahotannin hukumomi. A Windows sai an saka manhajar Java kafin ta tashi.

Bayan an shigar da fayil da Import, akwai maɓallin Autodetect Tables wanda zai zaɓo jadawalin da kansa. Ni ba na barin masa wannan aiki. Da linzami nake jan akwati, kuma ina farawa daga layin farko na alƙaluma, in bar kanun jadawalin a waje. Dalili kuwa, kanu yakan yi faɗi ya shiga tazarar da ke raba ɓangarori biyu, sai manhajar ta ɗauka ɓangare ɗaya ne ta haɗe fita da shiga wuri guda. Rubuta kanu biyar da hannu daga baya bai kai minti ɗaya ba. Haka nan ina cire lambar shafi da adireshin banki da ke ƙasa. In shafukan duk tsarinsu ɗaya ne, Repeat this Selection zai maimaita akwatin, amma shafin farko yakan bambanta saboda tambari da sunan mai asusu, sai a ja masa nasa daban.

Daga nan sai Preview & Export Extracted Data, inda ake zaɓa tsakanin hanyoyi biyu. Lattice yana bin zanen layukan da suka raba gidaje, don haka gidan da ba komai yana nan a matsayinsa na fanko, kuma bayanin da ya zubo layi biyu yana zama a gida ɗaya. Duk takardar da aka zana wa layuka a tsaye da a kwance, shi nake zaɓa, ban taɓa ganin ya kai mini lamba wani ɓangare ba. Stream kuma tazara yake bi, shi ne na takardar da ba ta da zane. Nan ne ake buƙatar sa ido: dogon bayani yakan rabu layi biyu, na biyun ba kwanan wata ba kuɗi, kuma shafin da bayaninsa ya yi tsawo har ya matso kusa da lambobi yana iya fitowa da ɓangare huɗu maimakon biyar.

Maganin wannan yana hannun 'yar'uwarta tabula-java, wadda ake rubuta wa umarni. Da ita kai ne za ka faɗi inda kowane ɓangare ya ƙare, babu sauran hasashe:

```
java -jar tabula-1.0.5-jar-with-dependencies.jar -t -p all -c 95,290,375,460 -o asusu.csv asusu.pdf
```

Lambobin da ke bayan `-c` nisa ne daga gefen hagu na shafi, kowane 72 inci ɗaya ne, faɗin A4 kuma 595. Iyaka huɗu na ba da ɓangare biyar. Waɗannan misali ne, kowane banki da nasa tsarin, sai ka auna naka. Da zarar ka same su kuwa, su za ka riƙa amfani da su duk wata muddin bankin bai sauya tsari ba. Abin da nake fata shi ne a ce ana iya jan waɗannan iyakoki da linzami a cikin burauza, domin ba kowane ma'aji ne zai iya zama ya rubuta umarni ba.

Idan CSV, wato fayil ɗin jadawalin da Tabula ke fitarwa, ya fito, kada a buɗe shi da danna sau biyu. Excel zai cinye sifilin da ke farkon lambar asusu, lamba goma ta koma tara, kuma in an saita kwamfutar a tsarin Amurka zai karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ne. A shigo da shi ta Data, sannan From Text/CSV, a danna Transform Data, a mayar da lambar asusu Text.

Ko da komai ya yi kyau a ido, ba na miƙa wa shugaban ƙungiya lissafi sai na yi gwajin ragowa. In fita tana C, shiga tana D, ragowa tana E, ina rubuta wannan a F3 in ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(E2+D3-C3-E3,2)
```

Kowane layi dole ya ba da 0. Inda ya ba da wani abu daban, nan kuskuren yake, sai a koma PDF a duba layin nan kaɗai maimakon a bi takardar duka. A misalin hayar rumbu, 70000 zai nuna daidai gaban layin. In kuma `#VALUE!` ya fito, akwai rubutu ko lambobi biyu da suka cushe a gida ɗaya.

Iyakarta a fili take: takardar da aka yi wa sikanin ko aka ɗauki hotonta da waya, Tabula ba za ta karanta komai a ciki ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka buɗe PDF ɗin ka ja linzami a kan wata lamba. In ta haskaka har ana iya kwafe ta, za ta yi aiki. In ba ta haskaka ba hoto ne, gara ka nemi banki ya turo maka ainihin fayil ɗin ta imel, ka kuma tambaya ko suna bayar da shi a Excel kai tsaye.