Shafin duba suna ya taimaka, amma gwajin kunne ne ya raba gardama

Na yi amfani da wani shafin intanet mai duba ko an riga an kama suna a kafafen sada zumunta, saboda ƙanena mai waƙar gambara yana neman sunan da zai fito da shi. Aikin shafin ɗaya ne: ka rubuta suna, ya nuna kore inda babu mai shi, ja inda wani ya riga ka. A nan ya biya buƙata, cikin ƙiftawar ido.

Sunan da yaron ya ƙwallafa rai a kai shi ne Ƙyalli. Shafin ya ƙi karɓar ƙ mai lanƙwasa, kuma da gaskiyarsa, don Instagram da X haruffan Turanci da lambobi kawai suke karɓa a sunan shiga, sai alamar `_`, Instagram kuma ya yarda da ɗigo. Da muka koma `kyalli` sai ja ta yi yawa. Ƙanena ya ce, "Yaya, mu ƙara masa lamba mana." Ban yarda ba. Wanda ya ji sunanka a bakin mai gabatarwa ba zai tuna lamba ba, kuma X ba ya wuce harafi 15, ko da Instagram ya kai 30.

Inda shafin ya gaza shi ne bai san yadda mutane ke ji ba. Sai muka faɗa wa abokansa sunan da baki, sau ɗaya, kowa ya rubuta a wayarsa ba tambaya. Wani ya rubuta Kyalli, wani Qyalli, wani K'yalli, wani ma ya zubar da l ɗaya. Kowane rubutu wani wuri daban zai kai mai nema, ga waƙa a sama amma ba a iso gare ta ba. Baƙi mai lanƙwasa da baƙi mai maimaituwa su ne suka fi jawo wannan ruɗani, kuma Ƙyalli ya haɗa biyun.

Sai muka gwada Iskar Bazara. Kowa ya rubuta shi daidai, harafi 11 ne idan an haɗe, `iskarbazara` kuma ya shiga ko'ina a siffa guda.

Koren shafin ma ba hujja ba ce. Bai duba jerin mawaƙa a Spotify ko Audiomack ba, alhali a irin waɗannan manhajoji mawaƙa biyu kan yi suna ɗaya, har waƙar sabon shiga ta faɗa shafin wanda ya riga shi. Wannan da hannu za ka bincika, ka haɗa da YouTube. Wani lokacin kuma ya nuna kore, sai ka je rajista a ce an kama, don haka duk inda ka ga kore ka buɗe asusun a ranar.