Sintiri da Jama'a ko Jiran Kira: Wanne Ya Dace da Ƙauye?

A aikin 'yan sanda, tsarin jiran kira shi muka saba da shi. A sace wa manomi shanun huɗa da daddare a wani ƙauyen Ringim, sai gari ya waye a hau babur zuwa caji ofis a kai rahoto. Kafin jami'i ya iso, sawu ya ɓace, shanun kuma sun kusa kasuwar Maigatari. Amfanin wannan tsari dai yana ga manyan laifuka, kamar kisa da fashi, masu buƙatar bincike da kotu.

Ɗaya tsarin kuwa, wato sintiri da jama'a, ɗan sanda ne ke zama da dagaci, ardo da 'yan sintiri tun kafin ɓarna, ya san burtali, ya san wanda ya baƙunci gari. A Amurka da Birtaniya, bincike ya nuna hakan na ƙara yarda da 'yan sanda, amma raguwar laifi ba ta fito fili ba. Gwajin da aka wallafa a 2021 daga ƙasashe shida, har da Laberiya da Yuganda, bai ga ƙarin yarda ba ma, musamman saboda yawan sauya jami'ai da ƙarancin kayan aiki. Ni a ganina nan gizo ke saƙar: jami'in da aka ɗauke bayan wata uku, yaushe Bafulatani zai ba shi sirri?