Kuskuren farashi: sabuwar takarda shiru, ko waya tukuna?

A ce dilan shinkafa a Birnin Kebbi ya aika wa wani Alhaji a Gusau takardar farashi: buhu 200 a kan naira 58,000 kowanne, alhali 68,000 ya yi nufi. Giɓin naira miliyan 2 ke nan.

Yana iya tura sabuwar takarda shiru, kamar ba a yi komai ba. Wannan ta fi sauƙi, amma Alhaji zai ajiye takardun biyu gefe da gefe, ya ɗauka an ga yana so ne aka ƙara masa kuɗi.

Ni na fi son dilan ya buga masa waya a ranar, tun kafin Alhaji ya yi wa nasa masu saye alkawari. Ya ce: "Alhaji, a gafarce ni, kuskure daga wajena yake. Na rubuta 58, alhali 68 ne." Kada ya laƙa wa yaron shago. Sannan ya aika gyararriyar takarda mai sabon kwanan wata, a rubuce cewa ta soke ta farko, ya bar wa Alhaji zaɓin fasawa.

In kuwa an riga an yi sallama har kafin alƙalami ya shiga hannu, magana ta canza. Nan sai roƙo, a raba asarar ko dila ya ɗauke ta.