Sharhi kan Ventoy: yadda na haɗa filashin Windows daga kwamfutar Linux

Ranar wata Asabar da daddare ƙanwata ta shigo ɗakina a Samaru da laftof ɗinta ƙirar HP. Faifan ajiyarta ya mutu, ta sayo sabo a Sabon Gari an ɗaura mata, amma babu komai a kansa, ga shi ran Litinin za ta kai wa malaminta babi na uku na aikin kammala karatu. "Yaya, don Allah ka sa min Windows," ta ce. Ni kuwa shekara huɗu ke nan Linux Mint nake amfani da shi, kuma Rufus da kowa ya saba haɗa filashin saka Windows da shi, a kan Windows kaɗai yake aiki.

Samun fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ƙunshe da duk kayan saka Windows, bai ba ni wahala ba. In ka shiga shafin Microsoft daga Linux ko waya, kai tsaye zai ba ka mahaɗin saukewa, mai aiki na awa 24. Na ɗauko Windows 11, tunda tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Fayil ɗin ya haura gigabayit 5, don haka a tanadi data.

Da farko na rubuta shi kan filashi da umarnin `dd`, kamar yadda nake yi wa na Linux. Na soka shi a laftof ɗin, na danna F9 don ganin jerin faifan da za a iya tayar da ita daga gare su, filashin bai ma fito a jerin ba. Ba a gina ISO na Windows don a kwafe shi ɗanye haka ba. Kwafe fayilolin da hannu ma akwai cikas, domin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabayit 4, shi kuma `install.wim`, babban fayil ɗin da ke cikin ISO ɗin, ya wuce haka.

A nan Ventoy ta fid da ni. Manhaja ce ta kyauta. Tana raba filashi gida biyu: ƙaramin sashe mai suna VTOYEFI wanda ke tayar da kwamfuta, da babban sashe na exFAT inda za ka jefa ISO ɗin yadda yake. Na sauko da ita, na warware, na shiga cikin jakar:

```
lsblk
sudo sh Ventoy2Disk.sh -i /dev/sdb
```

A tsaya a kan layin farko da kyau. Shi ke nuna sunan kowane faifai da girmansa. Filashina mai gigabayit 16 ya fito a `sdb`, ya nuna `14.6G`, amma na wani zai iya zama `sdc`. Duk faifan da ka ambata za a share shi kakaf. Na ji daɗi da Ventoy ta tambaye ni har sau biyu kafin ta taɓa komai.

Wajen kwafin ISO ne ya kamata a yi haƙuri. Linux kan nuna an gama alhali ragowar bayanan na nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba su sauka kan filashi ba. In ka zare a lokacin, fayil ya gurgunce, sai sakawa ta yi nisa ta tsaya maka. Na buga `sync`, ya yi shiru kusan minti goma kafin ya sake ni. Sannan na cire filashin, na mayar, na gwada fayil ɗin da `sha256sum`, lambar ta yi daidai da wadda ke shafin Microsoft. Wannan gwajin yana taimakawa wajen kama jabun filashi, irin masu ƙaryar girma da suka cika kasuwa.

Abu ɗaya da zai firgita sabon shiga shi ne Secure Boot, tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta amince da ita ba. Da na tayar da laftof ɗin, shuɗin allo ya fito da rubutun `Verification failed: (0x1A) Security Violation`. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ko ta lalace ne?" Laftof ɗin lafiyarta ƙalau, mabuɗin Ventoy ne ba ta sani ba tukuna. Na danna `OK`, na zaɓi `Enroll key from disk`, na shiga VTOYEFI, na ɗauki `ENROLL_THIS_KEY_IN_MOKMANAGER.cer`, na amince, ta sake tashi. Sau ɗaya ake yi wa kowace kwamfuta. Daga nan sunan ISO ya bayyana, na zaɓi `Boot in normal mode`, kafin ƙarfe goma sha biyu Windows ya hau.

Wanda waya kaɗai yake da ita ya sani cewa EtchDroid, manhajar Android mai rubuta ISO kan filashi, ba ta rubuta na Windows. Abin da na ga ya fi sauƙi shi ne a sa wa filashi Ventoy sau ɗaya a kwamfutar wani. Bayan haka, da igiyar OTG da wayar da ke karanta exFAT, kana iya tura sabon ISO daga wayar kai tsaye. Nawa filashin yanzu yana ɗauke da Windows 11 da Linux Mint tare, ragowar wurin kuma ƙanwata ta adana kwafin babinta na uku.