Kafin ka saya wa yara na'urar wasa, ƙirga 'ya'yanka tukuna

Duk wanda ya shiga Banex a Wuse 2 neman na'urar wasa, farashi yake fara tambaya. Ni da zan sake saye, abin da zan fara dubawa shi ne yara nawa za su riƙa karɓa-karɓa a kanta, domin nan ne PS5 da Xbox da Nintendo Switch suka sha bamban.

Switch tana da manhajar waya mai sauƙi ta sa wa yara doka, amma lokacin da take ƙirgawa na na'urar ne gaba ɗaya, ba na kowane yaro ba. Ka sa awa biyu, babban ya cinye, ƙannensa su tashi a tutar babu. Kuɗi kuwa ba ta da iyakar wata, sai dai ka rufe saye ko ka buɗe. Mai ɗa ɗaya ba zai damu ba.

Xbox kowane yaro da lokacinsa, kuma idan ka kunna Ask to buy, komai zai saya sai buƙatar ta zo wayarka.

Ni PS5 na ɗauka, a kanta kuma na sha wuya. Mai shagon ya zuba mana wasanni da asusunsa na babba, yaran suka yi ta wasa a ciki, ni kuma ina ta neman inda ake sa doka. Ashe asusun babba ba ya ɗaukar doka. Sai da na buɗe nawa, na shiga Family and Parental Controls a cikin Settings, na buɗe wa kowa nasa da ainihin ranar haihuwarsa. Iyakar kuɗin wata daga sifili take farawa, kuma daga asusunka ake cira, don haka na bar ta haka sai lokacin hutu. Wurin lokaci, zaɓi Log Out of PS5, domin Notify Only sanarwa ce kawai, yaro zai share ta. Duba agogon yankin ma: yawancinmu asusun Amurka ko Birtaniya muke buɗewa, in ba ka mayar da shi na Najeriya ba, wasa na iya buɗewa ba a lokacin da ka sa ba.

Lambar sirrin na'urar 0000 ce daga kamfani. Ɗana mai shekara 11 ya riga ni sani. "Baba, ai kowa a makaranta ya san ta," in ji shi. A daren na canza ta, na kuma toshe ƙara sabon mai wasa.

Batun shekaru, dubi kwalin wasan. Na Turai lamba ce: 3, 7, 12, 16 ko 18. Na Amurka harafi ne, M na 17 zuwa sama. GTA V na 18 ne. Amma EA Sports FC 25 da aka rubuta wa 3, ana sayayya a cikinsa da kuɗi na gaske, kuma iyakar wata ce ke tare wannan.