Ƙwayoyin batir biyu, kowacce ta sauko 88 Ah: me ya ci kowacce?

"Assalamu alaikum. Ina da ƙwayoyin batirin LFP guda biyu masu 100 Ah da na ciro daga bankin sola. Na gwada, kowacce tana ba da kusan 88 Ah. Wani ya ce in zana dQ/dV zan gane ko cutarsu ɗaya ce. Me zan duba a zanen?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka haka ya yi gaskiya, amma abin dubawa shi ne wane tudu ne ya ragu, wane kuma ya tsaya yadda yake. Tsayin tudu shi kaɗai yana yaudara.

Ga inda tuddan suke fitowa. Idan kana caji a hankali, akwai wuraren da bolt yake kusan tsayawa cak alhali caji yana ta shiga. Da ka raba cajin da ya shiga da ɗan hawan da bolt ya yi, wato dQ/dV, waɗannan wuraren sai su zama tuddai a zane, kuma filin da ke ƙarƙashin kowane tudu shi ne yawan Ah da ya shiga a wannan matakin. A batirinka aikin ya zo da sauƙi, domin farantin LFP yana zaune wuri guda, kusan 3.43 V, daga farkon caji har kusan ƙarshe. Saboda haka duk tudun da ka gani labarin girafayit ne, wato ɗaya farantin ƙwayar, wanda yake karɓar litiyam mataki-mataki, a kusan 0.21, 0.12 da 0.085 V. Ka debe waɗannan daga 3.43, za ka ga dalilin da ya sa ƙaramin tudu yake fitowa wajen 3.22, babba na tsakiya wajen 3.31, na sama kuma wajen 3.35 V. Matthieu Dubarry da abokan aikinsa a Jami'ar Hawaii suna cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan wannan hanyar karatu.

Abu ɗaya ka riƙe: kwarin da ke tsakanin tudun tsakiya da na sama shi ne inda girafayit ya cika rabi. Duk abin da ke ƙasa da kwarin yana auna yawan girafayit ɗin da ke raye. Abin da ke samansa kuwa litiyam ne da ya saura bayan an cika rabin farko.

Bari mu sa lambobi na misali. A ce sabuwar ƙwaya tana da litiyam na 100 Ah, girafayit kuma na 110 Ah, tunda masu ƙira kan bar masa rara. To ƙasa da kwari za ka sami 55 Ah, sama da kwari 45 Ah.

Ƙwaya ta farko, a ce litiyam ne ya salwanta, abin da za ka gani an rubuta LLI. Girafayit yana nan lafiya, don haka rabin farko yana cika kamar da: 55 Ah. Gibin 12 Ah ɗin gaba ɗaya a tudun sama yake faɗawa, ya sauko daga 45 zuwa 33. In ka ɗora sabon zane a kan tsohon, ƙaramin tudu da na tsakiya za su hau kan na tsohon zanen kamar an yi kwafi, na sama kaɗai ya lotsa.

Ƙwaya ta biyu, a ce wani sashe na girafayit ne ya tsage ya rabu da faranti, ya tafi da litiyam ɗin da ke cikinsa. Wannan shi ne LAM. Kashi 12 cikin 100 ya tafi daga ko'ina: ƙasa da kwari 48.4 Ah, sama da kwari 39.6 Ah. Jimilla 88 ɗin ce dai, amma duk tuddan sun ƙanƙance tare.

Ka ga ke nan ma'auni ɗaya, cuta biyu. Ta farko yawanci ɓawon SEI ne da yake ƙara kauri a fuskar girafayit yana cinye litiyam, kuma zafi da barin batir cike maƙil na dogon lokaci suna gaggauta shi. Wanda ya taɓa shiga ɗakin inbata mai rufin kwano a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Irin wannan tsufan a hankali yake tafiya, sau da yawa ma yana rage gudu. Ta biyu ta fi alaƙa da wahalar da farantin yake sha wajen kumbura da motsewa, musamman in ana jan wuta mai yawa.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta uku, wadda gwajin Ah ba ya nunawa sam. Girafayit yana iya mutuwa babu litiyam a cikinsa. A ce kashi 8 cikin 100 ya tafi haka: ya rage 101.2 Ah, rabinsa 50.6. Litiyam na nan 100, saboda haka tudun sama ya ƙaru zuwa 49.4. Ƙwayar tana ba da 100 Ah cif, kana murna, alhali rarar nan ta 10 Ah ta koma kusan 1. Da ta ƙare, litiyam ba shi da wurin shiga, sai ya fara kwanciya a fuskar faranti a matsayin ƙarfe, ma'aunin ya faɗi farat ɗaya, ga haɗarin ƙarfen ya haɗe farantan biyu a cikin ƙwayar. Don haka in ka ga tuddan ƙasa suna raguwa na sama yana girma, kada ka mayar da wannan ƙwayar cikin banki ba tare da ƙarin bincike ba.

Turjiyar ciki kuwa ba ta rage filin tudu, matsar da shi take yi: zuwa dama a caji, zuwa hagu a sauke caji. Lissafin ΔV = I × ΔR ne. Ƙarin 1 mΩ a 5 A zai matsar da tuddan 5 mV. A 50 A zai zama 50 mV, wanda ya fi tazarar da ke tsakanin manyan tuddan biyu, ga shi a wannan gudun sukan narke su zama ɗaya. Shi ya sa ake gwajin a C/20, wato 5 A na kusan awa 20, daga 2.5 zuwa 3.65 V, ƙwaya ɗaya-ɗaya, a zafi ɗaya, kusan digiri 25. Kuma kafin ka zargi ƙwayar, ka ƙara ɗaure notin tashoshinta, domin sako-sakon noti ma matsar da tudu yake yi.

Wajen lissafi, kada ka raba layi da layi na bayanan, zanen zai fito kamar ƙayar bushiya. Ka yanka bolt gida-gida na 5 mV, ka tara Ah da ya shiga kowane gida. In ka faɗaɗa gidan zuwa 20 mV kwarin zai ɓace, kuma shi ne kan iyakar da kake bukata.

Zanen yana da iyaka. Zai gaya maka litiyam ya ɓace, ba zai rantse maka ko SEI ne ya ci ko ƙarfen da ya kwanta ya mutu ba. Haka kuma in farantin LFP ne ya lalace da litiyam a cikinsa, tudun sama ne zai lotsa, kamar dai na ƙwaya ta farko. Sannan kana bukatar ma'aunin kwatance: zanen ƙwayar lokacin tana sabuwa, ko wata sabuwa irinta sak. In ka samu, ka turo mana Ah na ƙasa da kwari da na samansa ga kowacce cikin ukun.