Sharhi a kan sashen kunne na wani asibiti a Gusau: likitar da ta ce mu dakata da maganin ƙwayoyin cuta

Duk wanda zai kai yaro mai ciwon kunne wannan sashe ya shirya wa abu guda: mai yiwuwa ya fito hannunsa babu antibayotik. Haka ta faru da mu a hunturun da ya wuce, kuma saboda haka nake yaba musu.

Ɗiyata mai shekara uku ce ta yi mura, sai ciwon ya koma kunnen dama, ta kwana tana kuka tana jan kunnen. Likitar ta auna zafin jikinta, digiri 38, ta leƙa kunnuwan biyu da 'yar fitilarsu. Dodon kunnen dama ya yi ja ya kumbura, na hagu lafiya lau, kuma babu mugunya. Ta ce mini, "Maman Yara, mu ba ta farasitamol daidai nauyinta, mu saurara kwana biyu zuwa uku. In bai sauka ba, ko ya ƙaru, ki dawo da ita."

Na tambaye ta dalili, ta kuwa zauna ta yi mini bayani. Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne. A jikin ƙaramin yaro gajeriya ce kuma a kwance take, shi ya sa in mura ta toshe ta sai ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ga yaron da ya haura shekara biyu, jikinsa da ƙarfi, ciwon kuma bai tsananta ba, yawanci jiki ne ke gamawa da shi cikin 'yan kwanaki. Antibayotik ba ya kashe zogin daren farko, sai dai ya iya jawo gudawa ko ƙuraje, kuma yawan shan sa ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin su daina jin magani.

Amma ta ja mini layi a fili. Jaririn da bai kai wata shida ba, ba a jira da shi. Haka yaron da bai cika shekara biyu ba in kunnuwan biyu suka kamu, da wanda kunnensa ke zubar da mugunya, da wanda zazzaɓinsa ya kai digiri 39, da wanda ciwon ya wuce awa 48 bai lafa ba. Waɗannan ana ba su amoksisilin, kuma a shanye kwanakin da likita ya rubuta. In kuwa bayan kunnen ya kumbura har ya turo kunnen gaba, ko wuyan yaro ya sandare, asibiti ake tafiya a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ɗiyata ta warware ba tare da antibayotik ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar likitar a kan kurumta. Bayan ciwon ya tafi, ruwa na iya zama a bayan dodon kunne na makonni, yaro ya riƙa ji kamar an toshe masa kunne da auduga. Wannan yakan wuce da kansa, amma in ya haura wata uku sai an gwada jinsa, domin a shekarun nan ne yake koyon magana. Babban haɗarin yana wurin kunnen da ya fashe yana ruwa fiye da mako biyu. Mu nan sai mu ce ai ya fashe, ya huta, tunda kuka ya tsaya. Alhali dodon kunne ne ya huje, kuma in mugunya ta daɗe tana iya cinye ƙananan ƙasusuwan da ke kai sauti ciki, jin ya ragu har abada. Irin wannan kunne ana tsane shi da tsaftatacciyar auduga, a hana ruwan wanka shiga, a ɗiga maganin da likita ya zaɓa. Ban da man kaɗanya, ban da tsinke ko gashin kaza, ban da maganin ɗigawa na kemis da ka, don wasu irinsu jantamaisin na iya taɓa jin kansa in dodon ya huje.

Inda suka gaza: layin yana da tsawo, kuma duk wannan bayani da baki aka yi shi. Uwar da ta taso daga Maru ko Tsafe da yaro a goye tana buƙatar 'yar takarda da Hausa mai ɗauke da alamomin dawowa. Na kuma so a ce ana rubuta wa kowane yaro ranar da za a sake leƙa kunnen, domin ni sai da na roƙa kafin aka sa mana.